Askar Riga Ba Ta Jure Hasashe: Ɗaukar Bidiyo Ko Haɗa Shi Da Na'ura?

Ana saura mako uku ƙaramar Sallah, wani maɗinki a Zariya ya nemi in yi masa tallar bidiyo ta daƙiƙa 40, wadda zai ɗora a WhatsApp da TikTok. Manyan riguna yake yi, aikin hannu, kuma aska takwas ce ta fito da sunansa. Ƙanensa ya nuna masa wasu bidiyoyi da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, sai ya ce mini, "Malam, tunda rubutu kawai ake yi hoto ya fito, me zai sa mu rufe shago yini guda don ɗauka?"

Yana da hujja. Tun da kamfanin OpenAI ya nuna manhajar Sora a watan Fabrairun 2024, sai ga Kling daga ƙasar Sin a tsakiyar shekarar, sannan Veo 3 na Google a watan Mayun 2025, wanda yake fitar da hoto haɗe da sauti. Mutum zai rubuta abin da yake so, ya jira 'yan mintuna, ya samu gutsuren bidiyo, galibi na daƙiƙa 5 zuwa 10. Babu haya, babu jiran rana ta yi sanyi.

Amma kafin in ba shi amsa, na ɗauki takarda muka raba tallar gida takwas, kowane gida daƙiƙa biyar. A kan kowanne muka yi tambaya ɗaya: wannan hoton shaida ce, ko kuwa ado? Wato idan mai kallo ya gan shi, zai dogara da shi ya tura kuɗi, ko dai kawai zai sa masa shauƙin Sallah?

Gida shida duk shaida suka zama: hannun mai aiki yana soka allura, askar a kusa, wuya da aljihu, mutum sanye da rigar yana juyawa, ƙofar shagon, da maɗinkin yana magana. Waɗannan na ce sai an ɗauka, kuma dalilin yana cikin yadda manhajojin nan suke aiki. Ba su da wata riga a ajiye da suke ɗauko wa. Suna farawa ne daga hoto mai tsaki-tsaki, irin na talabijin da ta rasa tasha, su riƙa share shi kaɗan-kaɗan har ya yi kama da abin da aka rubuta, bisa ga ɗimbin bidiyoyin da aka horar da su da su. Kowace buƙata sabon zane ce. Ka nemi riga sau biyu da rubutu iri ɗaya, riguna biyu za ka samu.

Na gwada masa ya gani da idonsa. Rigar da ta fito tana da sheƙi, daga nesa ta yi kyau, amma ƙirarta ta fi kama da jallabiya, kuma aikin ƙirjin wasu layuka ne masu lanƙwasa da ba su da suna. Da mutumin cikin hoton ya ɗaga hannu, sai zanen ya zame, ya sauya wuri. Muka bi ɗaya hanyar, muka ba manhajar hoton rigarsa ta gaske domin ta motsa shi. Daƙiƙun farko sun yi daidai. Da rigar ta fara juyawa, sai na'urar ta ƙirƙiro bayan da ba ta taɓa gani ba. Maɗinkin ya yi shiru, can ya ce, "Wanda ya ga wannan ya ce ita yake so, ina zan samo masa?" A nan maganar ta ƙare a wurina. Aikin da mutum ya kwashe makonni yana duƙe a kansa bai cancanci a wakilta shi da hasashe ba, kuma mai saye yana da haƙƙin ganin abin da zai biya.

Batun arha ma sai an yi lissafi. Yawancin manhajojin da kuɗin waje ake biyansu, kuma duk gwaji sai an cire maka, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Wasu masu shirya fim a Toronto, da ake kira shy kids, sun yi gajeren fim mai suna Air Head da Sora a 2024, game da mutumin da kansa balan-balan ce. Daga baya ɗayansu ya bayyana cewa abin da suka fitar ya ninka abin da ya shiga fim ɗin kusan sau 300, kuma sai da suka gyara launin balan-balan ɗin da hannu, domin wani lokacin ja take fitowa maimakon rawaya. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma ko da a ce gwaji goma ne kan kowane gida, tallarmu za ta ci gwaji 80, ban da data da lokacin zama ana tacewa.

Ɗaukar kuwa safiya ɗaya ta ci. Da waya muka yi, a tsaye, tunda a waya za a kalla. Muka kafa ta a kan ƙafa uku, muka shimfiɗa rigar kusa da ƙofa da misalin ƙarfe takwas, yadda haske zai zo mata daga gefe. Hasken gefe ne yake fito da tudun zare. Idan ya faɗo daga sama ko daga gaba, aikin sai ya kwanta kamar bugun inji. Matsalarmu ta gaske sauti ce: janaretan maƙwabta da ƙarar babura. Muka maƙala masa ƙaramar makirfo a wuyan riga, muka roƙi maƙwabcin ya kashe injin na minti goma. Da bakinsa ya yi magana, da Hausarsa ta Zazzau, abin da masu sayensa suka saba ji.

Saura gida biyu na ado: buɗewa da rufewa. Shi ya so hawan Sallah, kuma ga shi Sallar ba ta zo ba balle a ɗauka. A nan ne mutum zai zaci na'ura za ta yi amfani, amma mahayan da ta fitar ba namu ba ne. Naɗin rawaninsu na wata ƙasa ne, kayan dawakin ba su da alaƙa da na Zazzau, kuma idan aka tsayar da hoton sai a ga ƙafafun dawakai suna shiga juna. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawa zai gane. Muka bar shi, muka sayi daƙiƙa biyar na hawan bara a wurin wani mai ɗaukar hoto, da izininsa a rubuce.

Buɗewar ce kaɗai muka bar wa manhaja: jinjirin wata yana bayyana a sararin magariba, gajimare yana wucewa a hankali. Babu fuska, babu yatsu, babu wanda za a yaudara, kuma ba mu da halin jiran watan Shawwal. A gwaji na huɗu muka samu wanda ya yi. Sai dai ya fito sumul fiye da hoton waya, don haka na rage masa kaifi, na ɗan ja launinsa zuwa ruwan ƙasa domin kada a ga ɗinkin da ke tsakaninsu. Sunan shago da lambar waya kuwa a wurin tacewa na rubuta su, domin manhajojin sukan dagula haruffa, musamman ƙ da ɗ da ɓ.

Da zai ɗora, na nuna masa maɓallin da ake bayyana cewa akwai hoton da na'ura ta haɗa. YouTube ta fara neman haka tun watan Maris na 2024 a kan hotunan da za a iya ɗauka na gaske ne, TikTok ma tana da irin wannan ƙa'idar. Ya danna, sannan ya tambaye ni ko gutsuren hannun mai aikin zai iya ƙara daƙiƙa biyu. Muka rage daga watan, muka ƙara wa allurar.