Fayil ɗinka a ofis: ina yake, wa ke ganinsa, yaya ake gyara shi?

Ranar da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya kama aiki a Najeriya, a ranar ake buɗe masa fayil mai lambarsa a ofishin rajista. A bisa al'ada fayil biyu ne. Na fili yana ɗauke da takardar ɗaukar aiki, takardun makaranta, shaidar haihuwa, hutu da canjin wurin aiki. Na sirri kuwa, rahoton hazaƙa na shekara da takardun ladabtarwa ne a cikinsa, kuma a kulle ake ajiye shi. Kowace takarda ana buga mata lambar shafi, don idan an zare ɗaya a gane. Duk fayil ɗin da zai fita sai an rubuta sunan wanda ya karɓa da ranar.

Ba kowa ke da ikon buɗe shi ba. Jami'an sashen kula da ma'aikata, babban sakatare, kwamitin ƙarin girma ko na ladabtarwa da masu binciken kuɗi, kowanne yana duba abin da aikinsa ya shafa ne kawai. Abokin aiki ba shi da hurumi, komai kusancinku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta kare fayil ɗin ma'aikaci daga idon jama'a. Shi kuwa mai fayil, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba shi damar neman sanin abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara kuskure.

A ce ma'aikaciya ta kama aiki a 1994, amma aka shigar da 1992 a tsarin albashi na IPPIS. Tunda ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, za a iya sallamarta a 2027 maimakon 2029. Sai ta rubuta wasiƙa ga babban sakatare ta hannun shugaban sashenta, ta bayyana abin da aka rubuta da abin da yake daidai, ta haɗa kwafin takardar ɗaukar aiki da ta kama aiki. Ta tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinta. Bayan an amince, ta bibiya har gyaran ya kai ga fayil, IPPIS da kamfanin fanshonta, domin gyara a wuri ɗaya ba ya wadatarwa.

Ranar haihuwa ce ke da tsauri. Dokokin aikin gwamnati sun hana canza wadda aka rubuta lokacin ɗaukar aiki, saboda haka sabuwar takardar rantsuwa daga kotu ba za ta yi amfani ba. Abin da ake iya gyarawa shi ne kuskuren kwafewa, idan takardar farko ta nuna daidai. Don haka kowa ya adana takardunsa na asali a gida, ya kuma nemi duba bayanansa duk lokacin da aka yi masa ƙarin girma ko canjin wurin aiki, tun ritaya na nesa.