Yadda za ka gane tsinken diril daga kansa da gindinsa

Mai shagon cajin waya a Kebbe da ya sayi inbata da faifan sola yana da huda iri uku a gabansa: bangon bulo da zai rataya inbata, katakon da wayoyi za su ratsa, da ƙarfen da zai riƙe faifan a kan rufi. Kowanne da tsinken da ke huda shi. Idan ya aika Tambuwal a sayo masa "tsinken diril" kawai, abin da hannun mai shago ya fara taɓawa shi za a kawo, ga kuɗin mota ya tafi a banza. Duba wuri biyu ya isa ka san sunan tsinke: kai, wanda ke gaya maka abin da yake hudawa, da gindi, wanda ke gaya maka injin da zai shiga.

Mu fara da bango. Tsinken bango, wanda masu sayarwa ke kira mesinri, yana da wani ɗan guntun ƙarfe mai tauri da aka liƙa a kansa, mai siffar rufin ɗaki, kuma ya ɗan fi jikin tsinken faɗi. Ka shafa shi da yatsa, za ka ji ba shi da kaifi sosai, domin aikinsa farfasa siminti ne, ba yanka ba. Ka'idar girma mai sauƙi ce: robar da ake cusawa a rami kafin a ɗaura kusa, in mai milimita 8 ce, tsinke ma mai lamba 8 za ka nema. Idan bulon ba shi da siminti sosai, fara hudawa ba tare da kunna duka ba, don kada ramin ya buɗe robar ta riƙa lilo. In kuwa ginin laka ne, robar ba za ta riƙe nauyin inbata ba, sai a kafa katako.

A nan ne gindi ke da muhimmanci. Gindi mai santsi, zagayayye, na diril ne na yau da kullum, mai haƙora uku da ake matsewa. Amma in ka ga gindi mai kaurin milimita 10 da kwaruruka huɗu, biyu sun fita har ƙarshe, biyu a rufe, wannan SDS-Plus ne. Na injin duka ne na musamman, wanda ake tura tsinken ya kama da kansa, ya riƙa kai da komo a ciki. Haƙora uku ba sa kama shi daidai, sai ka ga yana rawa.

Sai ƙarfen rufi. A nan tuwis ake so, wato mai murɗaɗɗen jiki, wanda kansa da jikinsa duk ƙarfe ɗaya ne, ba a liƙa masa komai ba. Kan a fiƙe yake kamar fensir mai gajeren baki, yawanci a kusurwar digiri 118, da gefe biyu masu kaifi. Sau da yawa za ka ga an rubuta HSS a gindinsa tare da lamba. Don ramin milimita 10 a ƙarfe, buga alama da ƙusa, fara da mai lamba 4, sannan ka bi da babban a hankali, kana ɗiga mai. Idan ƙarfe na fitowa a nannaɗe, aiki na tafiya. Idan gari kake gani, ko kan ya koma shuɗi, ya dakushe ko ya ƙone. Abin da ke samun tuwis ke nan in aka kai shi bango.

Akwai ɗan'uwansa da ke ruɗar mutane: jikinsa a murɗe, amma da ɗan tsini kamar allura a tsakiyar kai da ƙahonni biyu a gefe. Wannan na katako ne kaɗai.

Na ƙarshe shi ne sifed, wanda ba ya ɓuya: kansa shimfiɗaɗɗe ne kamar shebur, da tsini a tsakiya, an buga lambarsa a fuska. Gindinsa yawanci mai gefe shida ne, don kada ya zame. Shi ke buɗe ramin milimita 20 ko 25 a katako don wayoyin batir su wuce. Aibinsa shi ne yana tsaga bayan katako. Da zarar tsinin ya leƙo ta baya, tsaya, juya katakon, ka ƙarasa daga can. Ka kuma tabbata babu ƙusa a hanya, domin in ya ci karo da ita injin zai fizge maka hannu.

Saƙon da za a tura Tambuwal ya zama haka: mesinri mai lamba 8, tuwis mai lamba 4 da 10, sifed mai lamba 25. A haɗa da hoton bakin injin, don mai shago ya san gindin da zai bayar.