Hoton inji da shaddar gaske: yadda ake siffanta tufa

A Birnin Kwanni, garin da ciniki da maƙwabta na Nijeriya ya daɗe yana raya shi, mai sayen tufa ba ya biya sai ya murza yadi tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi a rana, ya ji amonsa. Ga shi kuwa yanzu rigunan mata suna shiga kantunan intanet, inda mai saye a Malbaza ko Illela ba ta da abin dogara sai hoto a wayar salula. Tun daga shekarar 2022, lokacin da manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka fito fili, ɗan kasuwa na iya rubuta bayani, inji ya zana masa mace sanye da riga tamkar an ɗauka da kyamara. Sai dai injin bai taɓa murza yadi ba, kalmomi kawai yake bi.

A ɗauki misalin ƴar kasuwa mai doguwar riga ta shadda gezna, wadda sunanta ya samo asali daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya. Idan ta rubuta cewa tana son riga shuɗiya mai ƙyalli, abin da yawanci zai fito shi ne tufa mai santsi kamar siliki, yana bin jiki, yana kwarara har ƙasa. Dalili kuwa shi ne, a ɗimbin hotunan da aka horar da injin da su, ƙyalli ya fi tafiya tare da siliki da satin. Hoton zai yi kyau, amma ƙarya ce. Shadda auduga ce, kuma adonta a cikin saƙa yake, launi ɗaya da jikin yadin, ba ya bayyana sai haske ya faɗo masa ta gefe. Sabuwarta tana da ƙarfi, balle in ta sha sitati da bugu. Ba ta manne wa jiki. Tsayawa take yi, ta yi faɗi a kafaɗa, ta karye da kaifi kamar takarda.

Saboda haka sunan tufa shi kaɗai ba ya wadatarwa. Dole a faɗi zaren da irin saƙar, sa'an nan a faɗi abin da yadin ke yi a jikin mutum, domin nan ne injin ya fi kuskure. Da yake yawancin waɗannan manhajoji sun fi gane Ingilishi, ga yadda bayanin zai iya kasancewa:

```
indigo cotton damask gown, tone-on-tone woven pattern,
stiff starched fabric, crisp angular folds, stands away
from the body, polished sheen, soft side light
```

Ma'anarsa: riga mai launin baba ta audugar damas, ado saƙaƙƙe mai launi ɗaya, yadi mai tauri da sitati, karya mai kaifi, ba ya bin jiki, sheƙi irin na bugu, haske mai taushi daga gefe. Wannan magana ta haske ba ƙawa ba ce. Hasken da ya fuskanci riga kai tsaye yana shafe saƙa, ya mai da shadda mai tsada kamar leda. Inda manhaja ke da gurbin abin da ba a so, sai a rubuta `satin, silk` a ciki.

Atamfa kuwa akasin haka take buƙata: ado bugagge, sheƙi kaɗan, nauyi matsakaici. Mayafi mai shara-shara shi ne ake ce wa yana kwarara.

In hoto ya fito, wurare biyu ne ke tona asirinsa. A dubi bakin rigar na ƙasa: in ya taru a ƙasa kamar ruwa, ba shadda ba ce. A dubi kuma gwiwar hannu, inda ya kamata a ga ƴan karya manya, ba tarin ƙananan tattara ba.

Akwai iyakar da gwanintar rubutu ba ta ƙetarewa. Injin ƙirƙiro adon yake yi. Furen da ya zana ba shi ne ke cikin bandir ɗin da ke kanti ba, haka ma aikin wuya. Matar da ta tura jika talatin daga Illela, aka ɗoro mata riga a mota, ta buɗe ta ga wani ado dabam, ba za ta zargi inji ba. Kayan za su komo, kuɗin mota biyu ya hau kan wani, labari kuma ya zaga gidajen biki. Mafita ita ce a bar hoton inji ya nuna fasalin ɗinki da tsayuwar yadi, a bayyana cewa na inji ne, sa'an nan a ajiye hoton yadin na gaske kusa da shi, wanda aka ɗauka daf da saƙar, a bakin ƙofa, da hasken hantsi.