Layi Takwas Sun Isa: Yadda Ƙungiyar Unguwa Za Ta Raba Kasafin Kuɗinta Na Farko

Yawancin ƙungiyoyin ci gaban unguwa sukan yi shekaru suna aiki da littafi guda a hannun ma'aji: abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama. Ranar da aka ce a zauna a tsara kasafin kuɗi na shekara, sai hankali ya tafi kan nawa za a samu da nawa za a kashe. Amma kafin a zo kan adadi akwai aikin da ya fi wuya, wato yanke shawarar layukan da za a raba kuɗin a ƙarƙashinsu. Idan layukan suka karkace, ko lissafi ya yi daidai har kwabo, babu wanda zai gane inda kuɗi suka bi.

A ce ga wata ƙungiya mai kula da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, tana yashe kwatoci kafin damina, tana kuma taimaka wa mamba idan rashin lafiya ko rasuwa ta same shi. Gidaje 120 ne suka yi rajista, kowane gida naira 500 a wata. A takarda naira 720,000 ke nan a shekara, amma littafin bara ya nuna gidaje 90 ne ke biya ba fashi, saboda haka 540,000 za a rubuta. Sayar da ruwa ga 'yan garuwa na kawo kimanin 30,000 a wata, wato 360,000. Sannan wani ɗan unguwa mazaunin Abuja ya yi alkawarin 400,000 don a sa fitilun kan hanya.

Kuɗin shiga layi uku ne, kuma kada a haɗe su. Kuɗin wata-wata da na ruwa, jimla 900,000, na ƙungiya ne, tana iya juya su yadda taron mambobi ya amince. Kuɗin fitilu kuwa amana ce mai sharaɗi. A ba su shafinsu daban, shigarsu da fitarsu, kuma kada a fara kashe ko sisi da sunansu sai sun shigo hannu. Inda ake samun matsala shi ne a zuba su cikin tukunya ɗaya da sauran: injin rijiya ya lalace a watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, a ce bari a ɗan ara daga kuɗin fitilu. Ranar da mai kyauta ya zo ganin gida, babu fitila, babu kuma takardar da za ta nuna masa cewa aro aka yi ba ci ba.

Layukan kashewa kuwa ba daga kai ake ƙirƙiro su ba, ba a kuma kwafo su daga kasafin wata babbar ƙungiya mai ofis da motoci. A kwaso rasit da 'yan takardun da aka tara bara, a baje su a tabarma, a riƙa tara masu kama da juna wuri guda. Tarin da ya fito shi ne layi. Ma'aunin raba tari biyu ko haɗe su guda ɗaya ne: shin akwai shawarar da taro zai yanke a kan wannan ba tare da ya taɓa wancan ba? Biro, takarda, littafin rasit da cajin banki ba wanda zai yi muhawara a kan kowanne daban, don haka layi ɗaya ne, gudanarwa. Ƙungiyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Najeriya ta tuna cewa doka ta ɗora mata miƙa rahoto duk shekara, kuma da kuɗi ake miƙa shi. Nan ne gurbinsa.

Rijiya ita ce ke bukatar a tsaya. Da yawa sukan rubuta "rijiya" kawai su sa adadi, alhali kuɗi iri uku ne masu hali daban. Akwai alawus ɗin mai tsaron famfo, 15,000 a wata, 180,000 a shekara, wanda ba ya motsi sai taro ya ƙara masa. Akwai ƙananan gyare-gyare, kan famfo da ya lalace, bututun da ya fashe, wanke tanki, a ce 120,000, masu hawa da sauka. Sai na uku, wanda aka fi mantawa da shi domin bara bai bar rasit ba: ranar da injin cikin rijiya zai mutu. Idan mai gyara ya ce sabo da kuɗin aiki zai kai 540,000, ƙungiya kuma ta ga ya kamata ta tara su cikin shekara uku, to a buɗe layin ajiyar canjin inji, 180,000 duk shekara, a riƙa cire 15,000 a wata tamkar an kashe. Idan aka cusa wannan cikin layin gyara, duk wata zai zama kamar akwai rara, rarar kuma ba ta kwana.

Wani abu da ke ɓata lissafin rijiya shi ne mai tsaro ya cire alawus ɗinsa da kuɗin gyara daga cinikin ruwa, ya kawo wa ma'aji abin da ya saura. Ba lallai cuta ba ce, sauƙi ake nema. Amma da haka layin shiga ya ƙanƙance, layin fita ya ɓace. A rubuta cinikin gaba ɗaya a shiga, a rubuta alawus a fita, ko da kuɗin bai bar aljihunsa ba.

Sauran ba su da wuya. Yashe kwata 150,000, na hayar baro da shebur, motar kwashe shara da abincin matasan da suka fito aikin gayya. A rubuta a gefe cewa kusan duka za su fita ne kafin ruwa ya sauka, don ma'aji ya tanada. Taimakon mambobi 120,000, tare da ƙa'idar nawa ake bayarwa ga kowane lamari, ba tare da sunan kowa a takardar da za a karanta a bainar jama'a ba. Gudanarwa 60,000. Taro da kuɗin mota 50,000, kuma ina ganin gara ya tsaya shi kaɗai duk da ƙanƙantarsa, domin lemo da kuɗin motar shugabanni su ne abin da mambobi suka fi zargi. Idan suna gani a fili, bakin kowa ya mutu. Na takwas shi ne ko-ta-kwana, 40,000. An tashi 900,000 cif.

Kada a kira layin ƙarshen nan "sauran abubuwa". Wannan suna gayyata ce ga duk rasit ɗin da aka ji ƙyuyar nema masa gurbi. Ko-ta-kwana na abin da ba a zata ba ne, ba ya wuce kashi 5 cikin 100 na kasafi, kuma ba a taɓa shi sai da sa hannun shugaba da sakatare.

Bayan wata uku za a gane ko rabon ya yi. Ma'aji ya ɗauki rasit goma ya miƙa wa sakatare, kowa ya rubuta layin da yake ganin kowanne ya faɗa. Idan sun saɓa a uku ko huɗu, sunayen layukan ne ba su fito ba, sai a rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane layi mai faɗin abin da ke shiga cikinsa: kuɗin motar zuwa sayo bututu, misali, na gyaran rijiya ne, ba na taro ba. Idan ko-ta-kwana ya cika da abu iri ɗaya, kamar gyaran fitilun da aka sa, to sabon layi ne yake neman fitowa. Sai dai kada a sauya layuka a tsakiyar shekara, don rahoton watan Yuni ba zai ƙara yin magana da na Maris ba. Sakatare ya riƙa rubuta irin waɗannan a shafin ƙarshe na littafi, a kawo su zaman kasafin baɗi.