Kalmomin Bincike a Rubutun Ƙaramin Kamfanin Tafiye-tafiye: Misali daga Iyakar Bagudo

Kalmomin bincike su ne abin da mutum yake rubutawa a Google sa'ad da yake neman amsar wata tambaya, kuma aikin marubucin kamfanin tafiye-tafiye shi ne ya gano waɗannan kalmomi kamar yadda matafiya suke faɗarsu, sannan ya gina rubutunsa a kan amsar da suke nema. Ƙaramin kamfani da ke yi wa mutanen Sharabi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo hidima ba zai iya gogayya da manyan kamfanonin Kano da Abuja a kan faffaɗar kalma irin "Umara" ko "tikitin jirgi" ba. Inda yake da rinjaye shi ne doguwar tambaya mai ɗauke da sunan wuri, wadda masu yin ta ba su da yawa, amma kusan dukkansu sun riga sun ɗaura niyyar tafiya.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da zai bi ta Tsamiya ya shiga Segbana a Jamhuriyar Benin, wanda abin da ya dame shi shi ne takardun da za a tambaye shi a bakin iyaka. Wannan tambaya guda ita ya kamata rubutu guda ya amsa, kuma wurin farko da kalmomin za su fito shi ne kanun da Google ya fi yawan nunawa a jerin sakamakonsa, wanda akan taƙaita shi zuwa haruffa kimanin 60 don kada a datse ƙarshensa:

```
<title>Takardun tsallaka iyakar Tsamiya zuwa Segbana daga Bagudo</title>
```

Sakin layi na farko sai ya ba da amsar kai tsaye, wato cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan Nijeriya damar shiga Benin ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, muddin yana riƙe da sahihiyar takardar tafiya kamar fasfo, tare da katin rigakafin cutar shawara. Daga nan rubutun zai wuce zuwa canjin naira da sefa da motocin da ke ci gaba zuwa Kandi, kuma sunayen Tsamiya da Segbana za su riƙa shigowa da kansu, tun da ba a iya bayanin hanyar ba tare da ambatonsu ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa kalmomi, wato maimaita jimla ɗaya a kowane layi, ko jera Sharabi da Illo da Lolo da Kaoje a ƙasan rubutu ba tare da an faɗi komai game da su ba. Ƙa'idojin Google sun lissafa irin wannan jerin garuruwa cikin dabarun yaudara da kan sa a tura rubutu baya. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da ɓoyayyen gurbin `keywords` wajen jera sakamako, kuma daga 2019, da ya fara aiki da tsarin BERT, ya ƙara karkata ga ma'anar jimla gaba ɗayanta. Gwaji mafi sauƙi shi ne a karanta rubutun da ƙarfi, domin duk jimlar da ma'aikacin kamfanin ba zai faɗa wa fasinja baki da baki ba, to cushe ce.

Hausa tana da tata matsalar, domin yawancin masu waya ba sa buga haruffa masu lanƙwasa, sai su rubuta "kudin mota" a maimakon "kuɗin mota", yayin da mai karatun Faransanci yake rubuta Ségbana da alama a kan wasali. Mafita ita ce a riƙe daidaitacciyar Hausa a jikin rubutu, a bar adireshin shafin da haruffa marasa lanƙwasa, sannan a duba Search Console, manhajar Google ta kyauta da ke nuna ainihin kalmomin da suka kawo masu karatu. Idan rahotonta ya nuna rubutun yana yawan bayyana amma ba a buɗe shi, laifin yakan zama na kanu. Idan kuwa bai bayyana ba bayan makonni, sai a tabbatar Google ya shigar da shafin cikin rumbunsa kafin a zargi kalmomin.

Dabarar tana da iyaka, domin matafiya da yawa a yankin a tasha suke tambaya, kuma halin iyaka yana sauyawa, kamar yadda aka gani a watan Agustan 2019 da Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu. Saboda haka wajibi ne rubutun ya ɗauki ranar da aka sabunta shi, a kuma gyara kuɗin mota da yanayin hanya duk lokacin da direbobi suka dawo da sabon labari.