Yadda tela zai sanar da ƙarin kuɗin ɗinki ba tare da ya kori mutanensa ba

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, babu mai sana'ar hannu a Najeriya da bai ƙara farashi ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce nan. Darajar naira ta faɗi, zare da zif da maɓallan da ake shigowa da su daga waje suka bi sahu. Kowa ya san wannan, har da mai kawo ɗinki. Abin da ke raba tela da mutumin da ya shekara goma yana yi wa ɗinki shi ne mutumin ya zo karɓar kayansa da tsohon kuɗi a aljihu, sai a ce masa, a gaban yaran shago, "Ai kuɗin ya ƙaru." Kunyar da ya ji a wannan lokacin ita ce ke kai shi shagon wani, ko da can ɗin ya fi tsada.

Kafin a aika saƙo, sai an zauna da biro da littafin awo. A ce tela a Kano yana karɓar naira 8,000 a kan riga da wando. Zare, maɓalli, zif da sitif na wuya da hannu sun koma 2,200. Janareta yana shan lita huɗu a yini, a ce a kan naira 1,000 kowace lita, kuma ana gama kaya biyar, wato 800 a kan kowane. Yaron da ya ɗinka yana karɓar 2,500, mai aikin wuya 1,500, rabon haya 300. Jimla 7,300. Maigidan da ya yi awo, ya yanka, kuma shi ne zai biya in shadda ta ƙone a wajen guga, 700 ne nasa. Idan ya mayar da kuɗin 10,000, ribarsa ta zama 2,700. Kaya ɗari a tsohon farashi sun ba shi 70,000. A sabon farashi kaya 26 kawai za su ba shi haka. Wanda ya ga wannan lissafi da idonsa ba zai yi rawar murya ba, kuma zai yi ƙarin da zai riƙe shi wata shida ko fiye, maimakon ya riƙa ɗora ɗari biyar duk bayan mako uku, abin da ke sa mutane su ɗauka yana gwada su ne.

Lokacin sanarwa ya fi kalmomin cikinta muhimmanci. Ga tela, lokacin shi ne farkon Sha'aban, kafin mutane su kwaso yadi daga Kantin Kwari su tsara kuɗin kayan sallar iyali. Magidanci mai 'ya'ya maza biyar, ƙarin 2,000 a kan kowane ɗinki ya zame masa 10,000, ban da nasa. In ya ji da wuri, zai shirya. In ya ji a goman ƙarshe na azumi, lokacin da duk teloli sun rufe karɓar aiki, zai ga an jira ya shiga hannu ne, zai biya, amma da wuya a gan shi babbar salla.

Ga irin saƙon da nake ganin ya dace:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Da fatan an tashi lafiya, ya iyali? Ina sanar da kai ne tun da wuri cewa daga 15 ga Sha'aban kuɗin ɗinkin riga da wando zai tashi daga naira 8,000 zuwa 10,000. Kayan aiki da fetur ne suka tashi, kuma ba na so in rage ingancin aikin da ka saba samu a wurina. Kayanka da ke hannuna, da duk wanda ka kawo kafin wannan rana, a tsohon farashi za a yi. Na gode da amanar shekara da shekaru. Allah ya bar zumunci."

Akwai tsohon farashi da sabo a ciki, a fili, domin "za a ɗan samu ƙari" ba labari ba ne, mutum zai ƙiyasta abin da ya ga dama sannan a yi jayayya. Akwai rana. Dalilin kuwa jimla ɗaya ce. Na sha ganin saƙonnin da ke cike da ban haƙuri da labarin kuɗin makarantar yara da rashin lafiyar gida. Mai karantawa shi ma yana da nasa, kuma yawan ban haƙuri yana nuna masa cewa farashin bai zauna ba, da ɗan matsi zai sauko.

Maganar kayan da ke hannu ita ce zuciyar saƙon. Duk ɗinkin da aka yi cinikinsa, ko an ba da kafin alƙalami ko ba a bayar ba, magana ta riga ta faɗa, kuma sauya ta bayan an yanka yadi cin amana ne. Tela zai yi asarar 'yan dubbai a kan wannan, amma mutanen da suka gaggauta kawo aiki kafin ranar za su cika masa shago tun kafin cunkoson azumi.

Sai hanyar isarwa. Kada a tara mutane a zaure ɗaya na WhatsApp, domin mutum ɗaya ya yi ƙorafi, saura za su bi shi. A tura wa kowa shi kaɗai, da sunan da ake kiransa. Mai amfani da jerin aikawa ga mutane da yawa a lokaci guda ya sani cewa saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarsa a waya, don haka a duba wanda bai samu ba. Ga wanda karatun boko ke yi wa wuya, saƙon murya na rabin minti ya fi. Dattijon da tun zamanin mahaifin tela yake kawo ɗinki, shi ba a tura masa saƙo, a je a gaishe shi, a ce, "Baba, na ce gara ka ji daga bakina." Kuma kada a haɗa sanarwar da tunin tsohon bashi, kowace da ranarta.

Za a nemi ragi, wannan dole ne. In tela ya rage wa wannan a ɓoye ya hana wancan, magana za ta fito a majalisa, kuma wanda ya biya cikakke shi ne zai fi jin ciwo. Gara ragin ya zama mai ƙa'ida da za a iya faɗa wa kowa, kamar a ce wanda ya kawo kaya biyar a lokaci guda za a cire masa 500 a kowane. Wanda ya ce ba zai iya ba, a nuna masa ɗinki marar aikin wuya, wanda ya fi sauƙi da 1,500. Abin da bai kamata ba shi ne a bar tsohon farashi a koma sitif mai arha, domin wanki biyu wuyan riga zai tattare, mai ita kuwa ba zai yi magana ba, zai daina zuwa ne.

Mai ƙorafi yana nan, bai tafi ba. Wanda za a lura da shi shi ne wanda ya karanta ya yi shiru. Idan azumi ya kai goma, tela ya buɗe littafin awo na bara, ya ga waɗanda suka kawo aiki a irin wannan lokaci amma bana ba su leƙo ba, ya kira su ya gaishe su, ya shaida musu cewa ya ajiye musu gurbi kafin ya rufe karɓar ɗinkin salla.