Yadda Ake Rubuta Ƙuduri a Bayanin Zaman Majalisa

Aikin magatakarda a zaman majalisar ƙaramar hukuma shi ne ya kama abin da aka yanke. Muhawarar da aka tafka, layi biyu sun ishe ta.

A ce kansila ya kawo ƙuduri cewa a gyara rijiyar burtsatse ta kasuwa. Sai magatakarda ya rubuta kalmomin ƙudurin daidai yadda aka faɗe su, da sunan wanda ya kawo shi da na wanda ya mara masa baya. In an yi gyara, a rubuta gyaran daban, domin shi ake fara jefa wa ƙuri'a. Daga nan sai sakamako: mutum 7 sun amince, 3 sun ƙi, 1 ya ƙaurace.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen rabon aiki. "Za a duba lamarin" magana ce marar mai ita, kuma ba wanda za a tuhuma da ita gobe. A rubuta: shugaban sashen ayyuka zai kawo kiyasin kuɗi kafin zama na gaba. Bayanin ba ya zama hujja sai majalisa ta amince da shi, shugaba ya sa hannu.